Jimilla da Adadin Yau: Yadda Lambobin Annoba Ke Ruɗar da Mai Karatu

A shekarar 2020, bayan cutar korona ta shigo Najeriya a ƙarshen watan Fabrairu, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta riƙa fitar da sanarwa kowane dare, sau da yawa bayan jama'a sun kwanta. Da gari ya waye sai gidajen rediyo su ɗauka, a yi ta tura hotonta a waya. Manyan lambobi biyu ne a cikin sanarwar. Ta farko ita ce yawan mutanen da aka tabbatar sun kamu a wannan rana. Ta biyu ita ce jimillar duk waɗanda aka tabbatar tun daga mutum na farko. Jaridu da shafukan labarai kuma suka riƙa mayar da lambobin nan zane: ranaku a jere a kwance daga hagu zuwa dama, yawan mutane a tsaye daga ƙasa zuwa sama.

Zane biyu ne ke fitowa daga lissafi ɗaya, amma ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Na jimilla layi ne da ke ta hawa, bai taɓa saukowa ba. Na kullum kuwa sanduna ne a jere, wata doguwa wata gajeriya, suna tashi suna faɗuwa. A majalisa sai ka ji wani na cewa abin nan ƙaruwa kawai yake yi, na kusa da shi kuma ya ce ai jiya ma mutum kaɗan aka samu, an kusa gamawa. Kowannensu gaskiyar abin da ya gani ya faɗa, sai dai duk su biyun sun tambayi lambar abin da ba za ta iya amsawa ba. Korona ta lafa, amma kwalara da sanƙarau da zazzaɓin Lassa da mashaƙo suna nan suna zagayowa, kuma da irin waɗannan lambobi biyu ake ba mu labarinsu. Don haka ya kamata a san yadda ake karanta kowacce.

Layin da ba ya saukowa

Jimilla tari ce. Yau a ɗauki adadin jiya a ƙara masa na yau, gobe ma haka. Wanda ya warke ba a cire shi, wanda ya rasu ba a cire shi. Saboda haka hanya biyu kacal gare ta: ko ta ƙaru, ko ta tsaya cak. Duk wanda ya zauna yana jiran ranar da jimilla za ta ragu kafin ya yarda an samu sauƙi, to zai daɗe yana jira.

Wanda ya taɓa zama a gaban mota ya ga abin nan da idonsa. Akwai lambar da ke ƙirga kilomitar da motar ta ci tun fitowarta daga kamfani, akwai kuma allurar da ke nuna gudun da ake yi a yanzu. Direba zai iya ɗaga ƙafa daga totur, gudu ya sauko daga 120 zuwa 20, amma lambar kilomita ba za ta koma baya ba, sai dai ta rage saurin juyawa. Jimilla ita ce lambar kilomita, adadin kullum shi ne allurar gudu. Mai son ya san ko ana cikin hatsari yanzu, allurar zai duba.

Bari mu ƙaga wani gari don mu ga abin a lissafe. A ce cutar amai da gudawa ta ɓarke a cikinsa, kuma asibiti na rubuta sababbin marasa lafiya kowace rana har tsawon mako biyu. A makon farko aka samu 5, 10, 20, 40, 60, 70, 60. A mako na biyu aka samu 45, 30, 20, 12, 8, 4, 2. Idan aka tara su rana bayan rana, jimillar makon farko za ta tafi haka: 5, 15, 35, 75, 135, 205, 265. Ta mako na biyu kuma: 310, 340, 360, 372, 380, 384, 386.

Duba rana ta uku. Jimilla 35 ce kawai. Shugaban ƙaramar hukuma zai iya jin wannan lamba ya ce ai ba ta kai a tayar da hankali ba. Amma sababbin kamu sun tashi daga 5 zuwa 10 zuwa 20, wato kowace rana suna ninkawa. Wannan ita ce ranar da ya kamata a rufe rijiyar da ake zargi, a zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha, a kafa tantin jinya, a raba gishirin haɗin ruwa gida-gida. A kan zanen jimilla wanda samansa ya kai 400, lamba 35 tana can manne da ƙasa, ido ma ba zai tsaya a kanta ba.

Yanzu duba rana ta goma sha huɗu. Jimilla ta kai 386, mafi girman lambar da aka taɓa ji tun farkon ɓarkewar. Mai sauraron rediyo da ya ji 386 zai ɗauka yau ce rana mafi muni, ƙila ma ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Alhali mutum biyu ne kacal suka kamu a ranar. Rana mafi muni ita ce ta shida, lokacin da mutum 70 suka shigo, kuma a ranar jimilla 205 ce, kaɗan ta ɗara rabin abin da ta kai a ƙarshe. Ka ga jimilla ta kwantar da hankalin mutane a lokacin da ya kamata su zabura, sannan ta firgita su bayan wuta ta kusa mutuwa.

Akwai lamba ta uku da likitan garin ya fi damuwa da ita, kuma ba ta cikin jerin biyun nan. A ce kowane marar lafiya yana kwana uku a gado kafin a sallame shi. A rana ta bakwai, waɗanda ke kwance su ne na rana ta biyar da ta shida da ta bakwai: 60 da 70 da 60, wato 190. Wannan ne iyakar gadajen da aka buƙata a lokaci guda. A rana ta ƙarshe kuwa mutum 14 ne kawai a kwance. Wanda ya ce garin na buƙatar gado 386 ya yi kuskure, wanda ya ce 70 sun isa shi ma ya yi kuskure, kuma nasa kuskuren ya fi tsada, don marasa lafiya za su kwana a ƙasa. Shi ya sa sanarwar NCDC ta lokacin korona take kawo yawan waɗanda aka sallama da waɗanda suka rasu. Idan ka cire su daga jimilla, abin da ya rage shi ne waɗanda ke ɗauke da cutar a lissafin hukuma a wannan rana.

To zanen jimilla ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, amma karkatar layin ake dubawa, a bar tsayinsa. Idan layin na ƙara miƙewa tsaye kullum, cutar na ƙara sauri. Idan yana tafiya a miƙe sambal da karkata iri ɗaya, to adadin kullum bai canja ba: mutum 50 kowace rana har kwana goma zai ba da 500, layin zai yi ta hawa, amma cutar ba ta ƙara sauri ba, ba ta kuma rage ba. Idan ya fara rusunawa yana neman kwantawa, ana samun sauƙi. Idan ya kwanta ɗoɗar, babu sabon kamu da aka rubuta. Cutar Ebola da ta shigo Legas a watan Yulin 2014 ta kama mutum 20 a Najeriya, 8 suka rasu. Jimillar ta tsaya a 20, kuma har yau tana nan a 20. Tsayuwar nan ta kwana 42 ba sabon kamu ita ce ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa an gama da cutar a ƙasar ranar 20 ga Oktoban 2014. Haka nasara take a zanen jimilla, layi a kwance a can sama.

Matsalar ita ce ido bai iya auna karkata ba, musamman idan tarin ya riga ya yi girma. A ƙarshen 2021 jimillar korona a Najeriya ta haura 200,000. Da nau'in Omikron ya iso a watan Disamba, akwai ranar da aka sanar da sama da mutum 4,000, adadin da ba a taɓa gani ba tun farkon annobar. A zanen kullum sandar wannan rana ta yi wa duk sauran zarra. A zanen jimilla kuwa 4,000 a kan fiye da 200,000 bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, ɗan tudu ne da sai an ƙura ido kafin a lura da shi. Ƙasar ta fuskanci tashin cutar sau huɗu: tsakiyar 2020, sai Disamban 2020 zuwa Janairun 2021, sai damina ta 2021, sai na Omikron. A zanen kullum duwatsu huɗu ne a fili, kowanne da hawansa da gangarensa. A zanen jimilla matakala ce mai laushi wadda mai kallo a gaggauce zai ɗauka gangare ɗaya ne.

Lambar yau ba ta yau ba ce

Da jin wannan sai mutum ya ce to shi ke nan, a jefar da jimilla a riƙe adadin kullum. Nan ma akwai rami, kuma a ganina ya fi na farko zurfi, domin wannan lambar tana zuwa da kamar gaskiyar da ba ta da ita. In aka ce “yau mutum 300 sun kamu”, kunne yana jin cewa tsakanin asubahin yau da dare ne cutar ta shiga jikin mutum 300. Ba haka ba ne. Abin da ya faru shi ne yau sakamakon gwaji 300 ya iso teburin mai haɗa rahoto.

Bi hanyar da mutum guda yake bi kafin ya zama lamba. Ya ɗauki cutar a kasuwa ko a wajen biki. Korona ta farko takan ɗauki wajen kwana biyar kafin alamu su bayyana, wani lokaci har mako biyu. Zazzaɓi ya fara, ya je kemis ya sayi maganin maleriya, ya kwana biyu ko uku yana jira ya ga sauƙi. Da abin ya ƙi, ya je asibiti. Aka kira masu ɗaukar samfur, suka zo washegari ko jibi. Aka kai samfurin ɗakin gwaji, wanda a farkon annobar sau da yawa yana wata jiha. Ya bi layi. Sakamako ya fito, jiha ta tura Abuja, ya shiga sanarwar dare. Kafin mutumin nan ya bayyana a zane a matsayin “sabon kamu”, mako ɗaya zuwa biyu sun wuce da kamuwarsa, kuma duk wanda zai shafa wa ya riga ya shafa masa.

Wannan jinkiri ne ya sa mutane da yawa suka yanke hukuncin cewa dokar kulle ba ta yi aiki ba. An rufe gari yau, amma lambobi suka ci gaba da tashi har kwana goma. Dole su tashi, domin waɗanda ake ƙirgawa a kwanakin nan sun kamu ne tun kafin a rufe. Haka kuma idan aka buɗe gari, aka ga mako guda lambobi ba su motsa ba, sai a ce ka gani, dama ba komai. Ba a kai lokacin da za a gani ba tukuna.

Abin da ya faru a Kano a watan Afrilun 2020 ya isa darasi. An tabbatar da mutum na farko a jihar ranar 11 ga watan, lambobi suka fara hawa da sauri. Ana cikin haka, a makon ƙarshe-ƙarshe na watan, aka dakatar da aiki a ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na wasu kwanaki, bayan rahotannin cewa wasu ma'aikata sun kamu, kayan gwaji kuma sun yi ƙaranci. A kwanakin nan sandunan Kano a zanen kullum suka faɗi kusan ƙasa, layin jimillarta kuma ya kwanta a saba'in da 'yan kai. Wanda ya san ƙa'idar da muka faɗa a sama, cewa layi a kwance alamar sauƙi ce, zai ce Kano ta tsira. Amma a daidai wannan lokaci ne masu haƙa kabari a maƙabartun birnin ke cewa ba su taɓa binne mutane da yawa haka ba, ana ta jin rasuwar dattawa, malamai da manyan mutane a jere. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da kulle jihar na mako biyu. Da gwaji ya dawo, lambobi suka yi tsalle, cikin kwanakin farko na Mayu jimillar ta haura 300.

Faɗuwar ba sauƙi ba ce, tsallen da ya biyo baya kuma ba sabuwar ɓarkewa ba ce ta dare ɗaya. Abin da zanen ya nuna shi ne rufewar ɗakin gwaji da buɗewarsa. Cutar tana ta tafiyarta a cikin unguwanni duk tsawon lokacin. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata irin alamun da suka gani: an lissafa mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Yawancin mutanen nan ba su taɓa shiga zanen kullum ba, ba su shiga na jimilla ba, don ba a gwada su ba. Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari shi ne, a kwanakin da lambar hukuma ta yi shiru, akwai gidajen da suka sassauta, jikoki suka ci gaba da shiga ɗakin kakanni, ana ta zuwa gaisuwar rasuwa a cunkushe, saboda an ji cewa ba a samu sabon kamu ba.

Tsalle ma yakan yi ƙarya kamar yadda shiru ke yi. A tsakiyar Fabrairun 2020 lardin Hubei na ƙasar Sin ya sanar da kusan mutum 15,000 a rana guda, bayan kwanakin da ake samun dubu ɗaya da wani abu zuwa dubu biyu da wani abu. Duniya ta girgiza. Dalilin shi ne an sauya ma'aunin ƙirga: da sai wanda gwajin ɗakin bincike ya tabbatar ake lissafawa, daga ranar kuma aka haɗa da waɗanda likita ya gano ta alamu da hoton huhu. Marasa lafiyar da suka daɗe a kwance aka zuba su duka a rana ɗaya. A Ingila kuma, a farkon Oktoban 2020, aka gano cewa sakamako kusan 16,000 sun salwanta daga lissafi na kwana takwas saboda matsalar fayil ɗin kwamfuta. Sai aka mayar da su cikin kwana biyu. Zanen ya nuna mako mai ɗan sauƙi da sanduna biyu dogaye a ƙarshensa, alhali hawan a hankali ya faru cikin makon duka.

Masu zane da yawa ba su karɓar adadin kullum daga asibiti kai tsaye. Jimillar yau suke ɗauka su cire ta jiya, abin da ya rage su kira shi na yau. Don haka duk gyaran da hukuma ta yi wa tsohon lissafinta sai ya fito kamar abin da ya faru yau. Idan an gano an ƙirga wasu sau biyu aka cire su, adadin ranar zai iya faɗawa ƙasa da sifili. Ya faru a Sifen a watan Mayun 2020, lokacin da aka rage kusan 2,000 daga jimillar mamata. Wannan kaɗai ne yanayin da za ka ga jimilla ta sauko, kuma ma'anarsa gyaran littafi.

Ko babu wani babban hatsari, sandunan kullum sukan yi rawa da kwanakin mako. Inda ma'aikata ke raguwa Asabar da Lahadi, lambobin Lahadi da Litinin sukan yi ƙasa, na tsakiyar mako su yi sama. Lokacin hutun Sallah ko Kirsimeti ma haka. Kwatanta yau da jiya, wanda shi ne abin da kanun labarai suka fi so, kusan ba ya gaya maka komai.

Haɗa kwana bakwai

Maganin wannan rawar mai sauƙi ne, ɗan firamare ma zai iya. A tara lambobin kwana bakwai na baya a raba da bakwai. A ce wata jiha ta sanar da 40, 55, 0, 0, 130, 50, 47. Mai bin na kullum ya yi murna kwana biyu, ya firgita a rana ta biyar. Amma idan aka tara su 322 ne, a raba da bakwai a samu 46. Sifilin nan biyu da 130 ɗin abu ɗaya ne: aikin kwana uku da ya taru aka fitar a rana guda. Ana zaɓar bakwai ne don kowane lissafi ya ƙunshi Asabar ɗaya da Lahadi ɗaya, kada hutun ƙarshen mako ya karkatar da shi. Layin da kake gani an ja a kan sanduna a zanen da aka yi da kyau, wannan matsakaicin ne, kuma shi ya kamata ido ya bi.

A nan ne jimilla ke rama wa kanta. Ba sai ka rubuta lambar kowace rana ba. Idan ka ji jimillar Juma'ar da ta wuce da ta wannan Juma'ar, cire ta farko daga ta biyu, ka samu sababbin kamu na makon. A garin da muka ƙaga, jimilla ta kai 265 a ƙarshen makon farko, ta kai 386 a ƙarshen na biyu. Makon farko 265, mako na biyu 121. Ƙasa da rabi. Lambobin nan biyu, waɗanda kowacce ita kaɗai tsoro kawai take bayarwa, da aka jera su sai suka faɗi inda cutar ta dosa.

Matsakaicin yana da iyakarsa. Da yake ya haɗa da kwanakin baya, yakan makara da wajen kwana uku kafin ya nuna an juya. Kuma ba ya iya ƙirƙiro gwajin da ba a yi ba. Da an yi shi a Kano a waɗancan kwanaki, da shi ma ya nuna sauka. Abin da ke tona wannan asiri shi ne yawan gwajin da aka yi. Idan sababbin kamu sun ragu da rabi amma gwaji ma ya ragu da rabi, ba a samu komai ba. Sai a duba cikin kowane mutum ɗari da aka gwada nawa aka samu da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa kafin a ce korona ta lafa a wuri, a ga wannan kaso ya zauna ƙasa da 5 cikin ɗari har mako biyu. Inda ake samun 30 cikin ɗari, masu tsananin ciwo kawai ake gwadawa, sauran suna gida ba a san da su ba.

Akwai kuma wani tarko da ke kama har masu ilimi. Wasu zanukan, musamman na masana, suna ajiye kowane marar lafiya ne a ranar da ciwonsa ya fara, maimakon ranar da rahotonsa ya iso. Wannan ya fi nuna ainihin tafiyar cutar, amma kwanakinsa na ƙarshe kullum a gangare suke, domin waɗanda suka fara ciwo shekaranjiya da jiya yawancinsu ba su kai asibiti ba tukuna. Mako mai zuwa sandunan nan za su cika su yi tsawo. Idan ka ga an rubuta a ƙarƙashin zane cewa ranar fara ciwo aka bi, ka rufe makon ƙarshe da yatsa ka karanta saura.

Yau cututtukan da suka fi addabar mu ba kullum ake sanar da su ba, mako-mako ne. Rahoton NCDC kan zazzaɓin Lassa ko kwalara yakan kawo adadin makon da ake ciki, da jimilla tun daga makon farko na shekara. Wannan jimillar takan koma sifili a kowace Janairu. Saboda haka ƙaramar lamba a Janairu ba ta nufin Lassa ta yi sauƙi, domin a rani ne ma take tashi, a watannin farko na shekara. Babbar lamba a Nuwamba kuma ba ta nufin ana tsakiyar ɓarkewa. A 2021 an lissafa sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, yawancinsu a jihohin Arewa. An fi jin wannan lamba a ƙarshen shekara, amma akasarin mutanen sun kwanta ne a cikin damina, lokacin da jimillar ba ta kai girman da za ta hau kanun labarai haka ba. Jimillar ta dace da aikinta: ta faɗi girman asarar da aka yi, a kwatanta shekara da shekara, a tambayi hukuma abin da ta yi game da ruwan sha. Amma uwar da ke son sanin ko yau ya kamata ta tafasa ruwan rijiya ta hana yara sayen abinci a bakin kwata, adadin makon nan take buƙata, a gefen na makon jiya.

Masu karanta mana labarai a rediyo su ne idon mafi yawan jama'armu, don da yawa ba za su taɓa ganin zanen ba. Roƙona gare su shi ne kada su karanta lamba ita kaɗai. Su faɗi ko ta makon nan ce ko tun farkon shekara, su faɗi ta makon da ya wuce a gefenta, in kuma an daina gwaji ko rahoton wata jiha bai iso ba, su faɗa a cikin labarin. Kai kuma mai karatu, in aka turo maka lamba a waya, kafin ka tura wa wani ka nemi amsar tambayoyin nan: daga yaushe aka fara ƙirgawa, nawa ne a makon jiya, kuma mutum nawa aka gwada?